Wasiƙar Hamburg da amsar Kano: inda mai fassara ke sanya girmamawa, da inda ba ya taɓawa

Wani ɓangare na zoɓon da ake tarawa a kasuwannin Jigawa, irin su Maigatari, Jamus yake ƙarewa, inda ake haɗa shi cikin shayin 'ya'yan itatuwa. Tsakanin ɗan kasuwar da ya loda kwantena a Kano da kamfanin da ya karɓe ta a Hamburg akwai wasiƙu masu yawa: ta tayi, ta tabbatar da ciniki, ta neman biya, wani lokaci da ta ƙorafi. Sau da yawa mutum na uku ne ke ɗaukar maganar daga wannan harshe zuwa wancan, kuma kafin ya rubuta jimla ta farko sai ya yanke hukunci: da muryar girmamawa ta ofis zai yi magana, ko da muryar sabo da sakin jiki?

Masu fara wannan aiki sukan ɗauka cewa Bahaushe mai fara'a ne, Bajamushe kuma mai ɗaure fuska, don haka aikin bai wuce a ƙara wa wasiƙar Jamus zaƙi, a rage wa ta Kano ba. Wannan fahimtar ce ke jawo asara. Ɓangarorin biyu duk suna girmama abokin ciniki, wurin da kowa ke ajiye girmamawar ne ya bambanta. Bahaushe yana sanya ta a gaisuwa, da kauce wa cewa "a'a" kai tsaye, da barin ƙofa a buɗe. Bajamushe yana sanya ta a kiran mutum da cikakken laƙabinsa, da faɗin rana da adadi daidai, da rashin ɓata wa mai karatu lokaci. Mai fassara yana da damar ɗauke girmamawar daga inda wannan ya ajiye ta ya kai ta inda wancan zai gane ta. Abin da ba shi da damar taɓawa shi ne nauyin maganar: abin da aka nema, ranar da aka sa, da abin da aka amince da shi ko aka ƙi.

Matakan kira a wasiƙar Jamusanci

Jamusanci yana da kalmomi biyu na kiran wanda ake magana da shi. Sie ita ce ta girmamawa, du kuma ta 'yan uwa da abokai da yara. A harkar kasuwanci tsakanin kamfani da kamfani, Sie ce asali, kuma mutum biyu za su iya shekara goma suna ciniki cikin jin daɗi ba su bar ta ba. Wannan ba alamar ƙiyayya ba ce. A al'adarsu, babba a shekaru ko a muƙami ne ke yi wa na ƙasa tayin komawa du, kuma a fili ake yin tayin. Saboda haka mai fassara ba ya fara du da sunan wanda yake yi wa aiki, komai yawan "abokina" da "ɗan uwana" da ke cikin saƙon Hausar. Magana zarar bunu ce: idan aka shiga du, komawa Sie daga baya tamkar sanar da ɓatawa ne.

A cikin Sie ɗin ma akwai hawa-hawa, kuma a buɗewar wasiƙa da rufewarta ake ganinsu. Sehr geehrter Herr ga namiji ko Sehr geehrte Frau ga mace, sannan sunan dangi, shi ne matakin ofis sosai, kuma da shi ake fara hulɗa. Guten Tag da sunan dangi ya ɗan sassauta. Lieber Herr ko Liebe Frau alama ce cewa an saba, amma har yanzu Sie ake cewa. Rufewar da aka sani ita ce Mit freundlichen Grüßen, sai Viele Grüße idan an saba. Akwai tsohuwar rufewa, Hochachtungsvoll, wadda ma'anarta a ƙamus "da matuƙar girmamawa". Mai fassarar da ke neman abin da zai ɗauki nauyin "ranki ya daɗe" yakan faɗa mata, alhali a yau Bajamushe yana jin ta da sanyi, kamar wasiƙar hukuma ko ta wanda ya gaji da kai.

Amfanin sanin waɗannan matakai shi ne karanta sauyi. Idan matar da ta yi wata shida tana buɗe wasiƙa da Lieber Herr ta koma Sehr geehrter Herr, kuma ta sanya shugabanta cikin waɗanda za su ga saƙon, wani abu ya faru, ko da jikin wasiƙar bai nuna fushi ba. Hausar da za a fassara ba lalle ta iya ɗaukar wannan bambanci ba, don haka sai mai fassara ya faɗa wa mai kaya a gefe. Haka nan ƙananan haruffan da ke gaban sa hannu suna da labari: i. A. na nufin ma'aikaci ne ya rubuta bisa umarni, ppa. kuma na nufin mai sa hannun yana da ikon ɗaure kamfanin, ikon da aka yi wa rajista a hukumance. Wasiƙar da ta saba zuwa da na farko ta zo da na biyu, magana ta hau sama.

Tarko ɗaya yana fitowa idan Turanci ya shiga tsakani. Bajamushe mai rubuta imel da Turanci yakan kira mutum da sunansa na farko, domin haka aka saba a wancan harshen. Wannan bai zama tayin du ba. Ranar da aka koma Jamusanci, Sie za a koma.

Laƙabi yana da nauyi a ɓangarorin biyu, kuma nan ne al'adun suka fi kusa. Macen da ke da digirin dakta, Frau Dr. ake rubuta mata har sai ita da kanta ta ajiye shi, kuma Frau ake ce wa kowace babbar mace, mai aure ko marar aure. A ɗaya gefen, ofishin Hamburg yakan ɗauki "Alhaji" a matsayin sunan yanka, ko ya ɗauki suna na biyu ya manna masa Herr. Suna na biyun Bahaushe kuwa sau da yawa sunan mahaifinsa ne ko na garinsu, sai ya zama ana kiran mutum da sunan ubansa gatsau. A fassarar Hausa sai a mayar da shi "Alhaji wane" da sunan da aka san shi da shi, a kuma rubuta wa ofishin can jimla ɗaya tun farkon hulɗa a bayyana musu yadda ake kiransa. Jamusawa suna son a gaya musu irin wannan, kuma sukan kiyaye.

Wasiƙar ƙorafi mai layi biyar

A ce an yi yarjejeniya a kan tan 12 na busasshen zoɓo, da sharaɗin kada danshinsa ya wuce kashi 12 cikin 100. Kwantena ta isa, aka gwada, aka sami 15. Matar da ke kula da sayen kaya ta rubuto wasiƙa. Idan aka juya ta kalma da kalma, ga abin da za a karanta wa Alhaji:

"Kayan da suka iso ranar 3 ga Maris ba su dace da yarjejeniya ba. Danshinsu 15 ne, ba 12 ba. Muna neman ragin kashi 8 cikin 100. Ka ba mu amsa a rubuce zuwa 14 ga Maris. Muna riƙe da haƙƙinmu na ɗaukar wasu matakai."

Duk ɗan kasuwar Kano da aka karanta wa wannan zai ji an ci masa fuska. Ba sallama, ba tambayar lafiya, ga "ka" tsirara, ga wa'adi, ga abin da ya yi kama da barazana a ƙarshe. Zai iya cewa an yanke hulɗa, ya mayar da martani da zafi, ko ya yi shiru don fushi. Alhali matar ba ta yi fushi ba. Sashe na 377 na dokar kasuwancin Jamus, wadda suke taƙaitawa HGB, ya ɗora wa ɗan kasuwar da ya sayi kaya daga ɗan kasuwa nauyin duba su ba tare da jinkiri ba, ya kuma sanar da aibin da ya gani nan take. Idan bai yi ba, ana ɗaukar ya karɓi kayan yadda suke. Da wannan tarbiyya ma'aikatan ofisoshinsu suka tashi, ko da wace doka ce ke kan yarjejeniyar. Wasiƙar gajera ce domin aikinta ta kafa hujja: an gani, an faɗa, ga rana. Jimlar ƙarshen ma, wadda a Jamusanci ke ɗauke da wir behalten uns vor, kusan kullum tana cikin irin wannan wasiƙa, kuma ma'anarta "neman ragin nan bai sa mun yafe sauran haƙƙinmu ba".

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mai fassara ya ji tausayin Alhaji, ko ya ji nauyin karanta masa magana mai kaushi, sai ya ce: "Suna gaisuwa, sun ce kayan sun ɗan yi sanyi, in da hali a ɗan duba musu wani abu." Alhaji ya ji daɗi, ya ɗauka maganar da za a yi a hankali ce, ranar 14 ta wuce ba amsa. A Hamburg kuwa an rubuta cewa mai kaya ya ƙi kula ƙorafi.

Fassarar da ta dace tana sauya tufafin maganar, ta bar ƙashinta:

"Zuwa ga Alhaji wane. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa kayan sun iso ranar 3 ga Maris, kuma an gwada su. Gwajin ya nuna danshi kashi 15 cikin 100, alhali yarjejeniyarmu ta ce kada ya wuce 12. Saboda haka muna neman a rage mana kashi 8 cikin 100 na kuɗin kayan. Muna buƙatar amsa a rubuce, kada ta wuce ranar 14 ga Maris. Wannan buƙata ba ta soke sauran haƙƙoƙin da yarjejeniya ta ba mu ba. Da gaisuwar girmamawa."

Dubi abin da aka ƙara da abin da aka bari. An sa "bayan gaisuwa da fatan alheri", kuma wannan ba ƙari ba ne na gaskiya, domin shi ne ke yin aikin da buɗewa da rufewar Jamusancin suka yi. An mayar da "ka" zuwa "ku", an kuma yi amfani da "a rage mana", wato sigar da Bahaushe ke neman abu a wurin babba ba tare da ya nuna shi da yatsa ba. Wannan "a" ita ce mafi kusa da Sie a Hausa, kuma ita ce babban makamin mai fassara. Ba a sa "ranka ya daɗe" ba, domin zai mayar da kamfanin ƙasa da Alhaji, alhali su biyun tsara ne a wannan ciniki. Ba a sa addu'a ko tambayar iyali ba, domin matar ba ta yi ba, kuma sanya su zai sa Alhaji ya zaci kusancin da babu shi. Lambobi uku da ranaku biyu suna nan yadda suke.

Fi'ilin nema yana buƙatar a tsaya a kansa. Jamusanci yana hawa da shi mataki-mataki. Wir bitten um shi ne nema na yau da kullum, kuma duk da ƙamus zai ce "roƙo", ba roƙo ba ne, don haka "muna neman" ya fi "muna roƙon" dacewa. Wir erwarten ya fi ƙarfi, kuma nan ake yawan zamewa: idan aka ce "muna sa rai", Bahaushe zai ji fata ne kawai, alhali nufinsu "wajibi ne a kanku, kuma muna jira". Wir fordern Sie auf kuwa shi ne matakin da lauya ke biyo bayansa, kuma dole Hausar ta yi nauyin da Alhaji zai gane haka, ko da ba zai ji daɗi ba. Idan mai fassara ya mayar da ukun duka "muna roƙon a taimaka", ya ɓoye wa mai kaya inda rigimar ta kai.

Bayanin cewa "wannan salon wasiƙarsu ne, ba fushi ba ne" yana da amfani ƙwarai, amma wurinsa daban. A rubuta shi a ƙasa ko a faɗa da baki, a bayyane cewa maganar mai fassara ce. Kada a cusa shi cikin bakin wadda ta rubuto.

Amsar da ta zo ta saƙon murya

Yawancin manyan 'yan kasuwa ba sa zama su rubuta amsa. Saƙon murya suke turowa, kamar haka:

"Ka gaishe min da ita da kyau, ka ce ya iyali, ya sanyi. Ka ce ta yi haƙuri, ba komai, mu da su ai an zama ɗaya. Kayan nan lafiya lau suka bar Kano, amma in sha Allahu za mu duba, za a daidaita."

Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san abin da Alhaji ya faɗa. Bai amince da ragin ba. Ya ma musanta laifin, cikin ladabi, da ya ce kayan lafiya suka bar Kano. Ya bar ƙofar sulhu a buɗe, kuma yana so a san hulɗar ta fi masa wannan kwantena. Amsa ce ta mutumin da ya iya magana.

Idan aka zuba ta cikin Jamusanci yadda take, kusan kowace gaɓa za ta juye. "Ba komai" zai fito kein Problem, wanda a matsayin amsar neman ragi yana nufin an yarda. "Ta yi haƙuri", idan aka mayar da shi neman gafara, zai zama amsa laifi a rubuce, alhali Bahaushe yana ba da haƙuri ko a kan abin da ba shi ya jawo ba, kamar yadda ake ba wanda aka yi wa sata. "Za mu duba" ba tare da rana ba zai zama kauce wa tambaya. Tambayar iyali daga mutumin da bai taɓa ganin iyalin ba, a cikin amsar ƙorafi, za ta yi kama da neman karkatar da zance. Sakamakon shi ne wasiƙar da a farkonta ta amince, a tsakiyarta ta musanta, a ƙarshenta ba ta ce komai ba. Bayan kwana biyu sai takarda ta zo an cire kashi 8, Alhaji ya ce yaushe na sallama, su kuma su nuna masa wasiƙarsa.

Akwai kuma wani abu mai ɗaci da ya kamata a faɗa. Shekarun da aka yi ana aika wasiƙun damfara da sunan Najeriya, waɗanda ake kira 419, sun sa ofisoshin Turai suna ɗar-ɗar da wani salo: yabo mai yawa, kiran baƙo "abokina ƙaunatacce", ambaton Allah a kowane layi, da alkawari marar rana. Ɗan kasuwa mai gaskiya bai jawo wannan ba, amma mai fassarar da ya bar wasiƙarsa ta fito da wannan kama ya cuce shi, musamman a wasiƙar farko ta neman ciniki.

Saboda haka ba a fara fassara irin wannan saƙo sai an koma wurin mai shi. Tambayoyin ba su da yawa, kuma da ladabin da ya dace ake yin su: "Alhaji, ragin nan an amince da shi ne, ko ba a amince ba, ko wani adadi za a taya? Akwai takardar gwajin da aka yi kafin lodi? Wace rana za a ce musu su sa ran amsa ta ƙarshe?" Ta ukun ce ke fayyace "in sha Allahu". Kalmar tana zuwa a bakin mutum da niyya tabbatacciya, tana kuma zuwa a matsayin ƙi mai laushi, kuma mai fassara ba ya zaɓa wa mutum ɗaya daga ciki. Idan aka sami rana, a rubuta ranar. Idan Alhaji ya ce lalle a bar ambaton Allah a wasiƙarsa, haƙƙinsa ne, sai a bar shi sau ɗaya kusa da ranar, ba a madadinta ba.

A ce Alhaji ya amsa cewa bai yarda da kashi 8 ba, yana da takardar gwaji ta kafin lodi mai nuna 11.5, kuma yana so a sake gwaji a wurin da ba na kowa ba. Abin da wasiƙar Jamusancin za ta ƙunsa shi ne:

"Mun gode da wasiƙarku ta ranar kaza. Ba mu ji daɗin cewa sakamakon gwajinku bai dace da abin da aka sa rai ba. Gwajin da aka yi kafin lodi ya nuna 11.5, ga takardar a haɗe. Don haka ba za mu iya amincewa da ragin kashi 8 a yanzu ba. Muna ba da shawarar a kai samfur ɗakin gwaji mai zaman kansa da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, wanda sakamako bai goyi bayansa ba, shi zai biya kuɗin. Za mu ba da matsayinmu na ƙarshe cikin kwanakin aiki 5 bayan fitowar sakamako. Hulɗarmu da ku tana da muhimmanci a wurinmu, kuma muna son a warware wannan cikin fahimtar juna."

Buɗewar za ta bi matakin da matar ta yi amfani da shi, da laƙabinta cikakke. "Ta yi haƙuri" ya koma wir bedauern, wato nuna rashin jin daɗi ba tare da ɗaukar laifi ba. "A'a" ɗin da Alhaji ya naɗe cikin ladabi an buɗe shi, domin a can faɗinsa a fili tare da dalili shi ne ladabin. "An zama ɗaya" bai ɓata ba, ya koma jimlar ƙarshe, inda Bajamushe ke sa ran ganin irin wannan magana, kuma jimla ɗaya ta isa. Gaisuwar iyali da ta sanyi an ajiye su, kuma a gaya wa Alhaji an ajiye su da dalilin haka. Suna da ranarsu: saƙon ƙarshen shekara, ko hira ta waya bayan an gama rigimar.

Kafin a tura, a karanta wa Alhaji wasiƙar da Hausa, jimla bayan jimla, ya ce ya yarda. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin mai fassara ya fito da abubuwan da mai maganar bai furta da bakinsa ba, kuma sunan Alhaji ne a ƙasa.

Idan daga baya Alhaji ya ga dama ya sassauta don mutunci, Jamusanci yana da gurbin wannan. Kulanz suke kiran rangwamen da ɗan kasuwa ke yi don kyautata hulɗa ba don an tilasta shi ba, kuma sukan haɗa shi da ohne Anerkennung einer Rechtspflicht, wato ba tare da amincewa cewa doka ta wajabta ba. Wannan shi ne ainihin abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce "na bar miki kashi 3 saboda zumunci". Idan aka fassara kyautar aka manta wannan sharaɗi, alheri ya koma shaidar amsa laifi, kuma kwantena ta gaba za a tuna da ita. Inda kuɗin ke da yawa, lauya ya duba jimlar kafin ta tafi.

Shiru, da sauyin mataki

Shiru ma yana da ma'ana daban a wuraren biyu. A kasuwar Kano, wanda aka taya wa farashi ya yi shiru bai sallama ba. A al'adar 'yan kasuwar Jamus kuwa, idan an yi magana ta waya, ɗaya ya biyo da wasiƙar tabbatar da abin da aka cimma, ɗayan bai musa da wuri ba, ana iya ɗaukar abin da ke cikin wasiƙar a matsayin yarjejeniya. Ko wannan zai hau kan ɗan kasuwar waje ya danganta da dokar da ke kan cinikin, kuma aikin lauya ne. Aikin mai fassara shi ne kada muryar wasiƙar ta ruɗe shi. Irin wannan takarda takan zo da fara'a, "mun ji daɗin hirarmu ta jiya, ga abin da muka tsayar", sai a ɗauke ta gaisuwa a ajiye. A fassara ta a ranar da ta zo, a ja hankalin mai kaya ga kowane adadi da ke ciki, a tambaye shi ko haka aka yi.

Hanyar da saƙo ya biyo ba ta sauya matakin kira. Bajamushen da ya yarda a yi magana ta WhatsApp don saurin aiki yana nan a kan Sie, sai dai jimlolinsa su gajarta. Mai fassara ya gajarta nasa, ya bar matakin inda yake.

Sassautawa idan ta zo, bin ta ake yi, ba a riga ta. Ƙa'idar da ke aiki ita ce a amsa da matakin da aka rubuto da shi. Idan ɓangaren Hamburg ya sauko daga Sehr geehrter zuwa Lieber, amsa ta sauko daidai nan, kada ta wuce. A ɓangaren Hausa ma sai a nuna saukowar, "Zuwa ga Alhaji wane" ya koma "Alhaji, barka da war haka", don mai kaya ya ji cewa an matso. Idan aka yi tayin du a fili, a kai wa Alhaji maganar a matsayin abin da yake, wato karramawa, a bar shi ya amsa. Ko bayan an karɓa, Hausar da ake fassara masa za ta iya ci gaba da "Alhaji" da "ku", domin abokin Bahaushe na shekara ashirin ma bai daina ce masa Alhaji ba, kuma saurayin ma'aikacin da ya ce masa "kai" a Hausa zai fito marar kunya alhali a harshensa bai yi laifi ba.

Inda masu fassara biyu ko uku ke yi wa kamfani ɗaya aiki, a ajiye 'yar takarda ga kowane abokin ciniki: yadda ake buɗe masa wasiƙa, yadda ake rufewa, laƙabinsa, Sie ko du, wanda ya yi tayin da ranar da aka yi. Rashin wannan ne ke sa wasiƙar Litinin ta fito da sabo, ta Alhamis ta fito da sanyin ofis, ɓangaren can ya shiga neman laifin da ya yi.

Duk wannan 'yancin sauya tufafin magana na wasiƙun yau da kullum ne. Idan rigimar ta kai ga kotu ko ga masu sulhu, aka nemi fassarar wasiƙun a matsayin hujja, aiki ya sauya. Nan ba a ƙara "bayan gaisuwa" inda babu, ba a cire tambayar iyali inda take, kuma "ba komai" za a rubuta shi yadda aka faɗe shi, tare da bayanin mai fassara a ƙasa kan yadda ake amfani da shi a Hausa. Shi ya sa tun ranar farko ake adana asalin kowane saƙo, har da na murya, tare da fassarar da aka tura da amincewar da mai kaya ya bayar kafin a tura ta.